Nauyin da Ba Ya Gogewa: Manyan Fayiloli a Git da Iyakar Maganin LFS

Akwai abin da ke yawan ɗaure wa sabon mai rubuta manhaja kai a ranarsa ta farko a wurin aiki. Za a ce masa ya kwafo ma'ajiyar aikin ya fara dubawa. Ya tambayi girmanta, a ce masa ba ta kai rabin gigabait ba. Ya buga `git clone`, ya zuba wa allo ido, lamba tana ta hawa: gigabait ɗaya, biyu, har ta haura uku. Idan ya gama ya buɗe foldar, fayilolin da yake gani rabin gigabait ɗin nan ne dai da aka faɗa masa. Sauran yana kwance a wata ɓoyayyiyar folda mai suna `.git`, kuma mafi yawansa tsofaffin kwafi ne na hotuna da sauti da bidiyo waɗanda babu wanda zai sake buɗe su.

Wanda bai san dalili ba yakan ɗora laifin a kan layin intanet ko a kan tsufan kwamfuta. Asalin matsalar tana cikin yadda aka gina Git tun farko, kuma sai an fahimce ta sannan za a gane abin da Git LFS, wato tsarin ajiyar manyan fayiloli, yake gyarawa da abin da ba zai taɓa gyarawa ba.

Yadda Git ke riƙe tarihi

Linus Torvalds ne ya rubuta Git a watan Afrilun 2005, domin kula da rubutun manhajar Linux, aikin da dubban mutane ke sa hannu a cikinsa daga ƙasashe daban-daban. Abin da ya sa a gaba shi ne kowane mai aiki ya riƙe cikakken tarihin aikin a kan kwamfutarsa, ta yadda zai iya duba abin da aka yi bara, ko ya koma baya, ko ya buɗe sabon reshe, ba tare da ya nemi izinin wata kwamfuta ta tsakiya ba. Saboda haka `git clone` ba ya tsayawa a kan fayilolin yau. Yana sauko da kowane sigar kowane fayil da aka taɓa ajiyewa tun ranar da aka buɗe ma'ajiyar.

Duk lokacin da aka ajiye fayil, Git yakan karanta abin da ke cikinsa daga farko har ƙarshe, ya fitar masa da lambar shaida mai harafi 40, ya matse shi, ya adana shi ƙarƙashin wannan lamba. Idan aka canza ko da waƙafi ɗaya ne, lambar ta canza, fayil ɗin ya zama sabon abu da za a adana daban. Kowace ajiya da aka yi da `git commit` tana ɗauke da lambobin abubuwan da ke cikinta da kuma lambar ajiyar da ta gabace ta. Haka tarihin ya sarƙe, kowace ajiya na riƙe da ta bayanta. Wannan sarƙewa ita ce ke hana wani ya sauya abin da ya wuce a ɓoye, ita ce kuma za ta ba mu wahala nan gaba idan muka zo cire abin da bai kamata ya shiga ba.

To me ya sa tarihin rubutu ba ya kumbura? Saboda Git yana da dabara ta biyu. Lokaci-lokaci, da kuma lokacin da zai aika kaya ta intanet, yakan tattara abubuwan da ya adana ya ƙunshe su wuri ɗaya. A wajen ƙunshewar yakan jera waɗanda suka yi kama da juna, ya bar ɗaya cikakke, sauran kuma ya rubuta bambancinsu kawai. Fayil ɗin rubutu mai kilobait 100 da aka gyara masa layi ɗaya, abin da zai ƙaru a ƙunshin bai wuce 'yan bait ba. A gyara shi sau ɗari biyar, jimillar ba za ta dami kowa ba. Rubutu kuma yana matsuwa sosai, don kalmomi iri ɗaya ne ke ta maimaituwa a cikinsa.

Inda dabarar ke karyewa

Mutane da yawa na cewa Git ba ya iya fitar da bambanci tsakanin fayilolin da ba rubutu ba. Wannan ba daidai ba ne. Git yana gwadawa a kan kowane irin fayil, kuma wani lokaci yana dacewa. Idan aka ɗauki sauti irin WAV, wanda ba a matse ba, aka share tari ɗaya a tsakiyarsa, mafi yawan fayil ɗin yana nan yadda yake, Git zai gane hakan ya adana ɗan abin da ya sauya. Haka idan aka gyara sunan mawaƙi kawai a jikin MP3.

Gizo yana saƙa ne a fayilolin da aka riga aka matse, kuma su ne mafi yawan abin da muke aiki da shi: MP4, MP3, JPEG, PNG, ZIP, har da DOCX da XLSX, waɗanda a cikinsu ZIP ne. Matsewa tana aiki ne ta hanyar cire maimaici. Abin da ya rage bayan an cire shi, jerin bait ne da ba su da wani tsari da za a sake ragewa. Kuma abin da ke gaba a cikin jerin ya dogara da abin da ke baya, don haka ƙaramin canji yakan sauya duk abin da ya biyo shi. Mai haɗa bidiyo ya ƙara haske kaɗan, ko ya yanke sakan biyu daga farko, ya sake fitar da fayil: a idon mai kallo bidiyon jiya ne, amma idan aka jera bait ɗinsu biyu kusan babu inda suka haɗu. Git zai nemi kamanni ya rasa, ya yi ƙoƙarin matsewa abin ya ƙi raguwa, sai ya ajiye sabon cikakke kusa da tsohon.

Neman kamannin ma ba kyauta ba ne. Sai an loda fayilolin cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta an gwada su da juna, kuma bisa al'ada Git yakan gwada kowane abu da maƙwabtansa goma. A kan ƙananan fayilolin rubutu wannan ƙiftawar ido ne. A kan bidiyo aiki ne mai cin lokaci da ƙwaƙwalwa wanda ba ya haifar da komai. Masu gina Git sun san da haka, shi ya sa suka sa wata iyaka mai suna `core.bigFileThreshold`: duk fayil ɗin da ya haura megabait 512 ba a ma gwada fitar masa da bambanci.

Mu ɗauki misali mu bi shi da lissafi. A ƙaddara mutum biyar suna gina manhajar koyar da yara karatun Hausa a waya. Rubutun manhajar duka, da tarihinsa na shekara guda, megabait 30 ne. Na yau kaɗai megabait 10. Akwai bidiyon buɗewa na megabait 80, wanda aka yi ta sake fitarwa har siga 25, don yau a ce tambarin ya yi ƙanƙanta, gobe a ce kiɗan ya yi ƙara. Akwai fayilolin murya 200, kowanne megabait 2, waɗanda aka ajiye sau uku: na farko, sai bayan an daidaita ƙarar sauti, sai bayan an canza mai karantawa.

Bidiyo ya ci megabait 2,000 a tarihi. Murya ta ci 1,200. A haɗa da rubutu, ma'ajiyar ta kai megabait 3,230, alhali abin da ake buƙata don gina manhajar yau 490 ne kacal. A kan layin da ke kawo megabit 5 a sakan, sabon ma'aikaci zai yi kusan minti 86 yana jira. Ga kuma abin da ya fi ciwo ga mai aiki da datar waya a Kano ko Maraɗi: `git clone` ba ya ɗorawa daga inda ya tsaya. Idan layi ya yanke a minti na 80, abin da aka sauke ya tafi, sai a koma farko. Ban ga dalilin da zai sa a ɗora wa yaron da ya zo koyon aiki wannan asara ba, saboda bidiyo 24 da ba zai taɓa kallo ba.

Tsofaffin ma'aikata ma ba su tsira ba. Duk lokacin da mai bidiyo ya tura sabuwar siga, kowa sai ya sauke megabait 80 idan ya buga `git pull`, har wanda aikinsa bai shafi bidiyo ba ko kaɗan. Wanda ya yi hutun mako biyu aka tura siga huɗu a bayansa, duka huɗun zai sauke, ko da yake ta ƙarshe kaɗai zai gani.

Babu kuma wanda zai tsayar da su da wuri. GitHub yana gargaɗi idan fayil ya haura megabait 50, yana ƙin karɓa idan ya haura 100. Bidiyonmu na 80 zai wuce da gargaɗi kawai, fayilolin murya kuwa ko tari ba za a yi musu ba. Iyakar tana duba girman fayil ɗaya ne, ba ta duba sau nawa aka maimaita shi.

Abin da yawanci ake fara yi idan aka farga shi ne a goge bidiyon a tura. Ma'ajiyar ba za ta ragu da ko bait ɗaya ba. Gogewa sabuwar ajiya ce da ke cewa daga yau fayil ɗin ba ya nan. Tsofaffin ajiyoyi suna nan suna nuna sigoginsu 25, kuma duk mai kwafowa sai ya ɗauke su.

Mai son tabbatar da cewa wannan ce cutar da ke damun ma'ajiyarsa, umarni biyu sun ishe shi:

```
git count-objects -vH
git lfs migrate info --everything
```

Na farko zai nuna layin `size-pack`, wato girman ƙunshin tarihi. Idan ya ninka girman fayilolin da ake gani sau da yawa, akwai magana. Na biyu, wanda ke buƙatar an riga an sa LFS a kwamfutar, zai bi dukan rassa ya jera nau'o'in fayilolin da suka fi cin wuri. A misalinmu `*.mp4` da `*.mp3` ne za su fito a sama.

Abin da LFS ke yi

GitHub ne ya sanar da Git LFS a watan Afrilun 2015, siga ta 1.0 ta fito a watan Oktoban shekarar. Ba shi ne na farko a wannan fage ba, don git-annex na Joey Hess ya riga shi tun 2010, amma shi ne ya bazu, har GitLab da Bitbucket suka karɓe shi. LFS bai sauya komai a cikin Git ba. Abin da ya yi shi ne hana babban fayil shiga tarihi tun daga ƙofa.

Ɗan kasuwar hatsi a Dawanau ba ya yawo da buhuna a ka. Kayan suna sito, shi kuma yana riƙe da rasit mai nuna wane kaya ne da yawansu. Ranar da ya buƙata ya miƙa rasit a fito masa da su. Haka LFS yake yi. Abin da ke shiga tarihin Git a madadin bidiyon ɗan rasit ne mai layi uku:

```
version https://git-lfs.github.com/spec/v1
oid sha256:4d7a214614ab2935c943f9e0ff69d22eadbb8f32b1258daaa5e2ca24d17e2393
size 80000000
```

Layi na farko yana faɗin tsarin da aka bi. Na biyu lambar shaidar ainihin fayil ɗin ce, mai harafi 64, wadda aka fitar daga abin da ke cikinsa. Na uku girmansa ne a bait. Duka rasit ɗin bai wuce bait 130 da 'yan kai ba, kuma rubutu ne, irin abin da Git ya ƙware a kai.

Kafa shi ba wuya:

```
git lfs install
git lfs track "*.mp4" "*.mp3"
git add .gitattributes
```

Umarni na farko yana sanar da Git ɗin da ke kwamfutar cewa akwai LFS. Kowane ma'aikaci sai ya yi shi sau ɗaya a tasa. Na biyu yana rubuta doka a cikin wani ƙaramin fayil mai suna `.gitattributes`, layi ɗaya ga kowane nau'i:

```
*.mp4 filter=lfs diff=lfs merge=lfs -text
```

Na uku yana sa wannan fayil cikin ma'ajiya don dokar ta hau kan kowa. Idan aka manta da shi, dokar ta tsaya a kwamfutar mutum ɗaya, sauran su ci gaba da zuba bidiyo a tarihi.

Daga nan aiki yana tafiya yadda aka saba. Mai bidiyo ya buga `git add`, sai LFS ya tare fayil ɗin a hanya, ya fitar da lambarsa, ya ajiye ainihinsa a foldar `.git/lfs/objects`, ya miƙa wa Git rasit. Idan ya buga `git push`, LFS ne ke fara tura manyan fayilolin zuwa wata ma'ajiya ta daban a kan saba, sannan Git ya tura tarihinsa. A ɗaya ɓangaren, lokacin da Git zai shimfiɗa fayiloli a foldar aiki ya ci karo da rasit, sai LFS ya karanta lambar, ya duba ko yana da kayan a gida, in babu ya sauko da su, ya ajiye ainihin bidiyon a gurbin rasit ɗin. Mai aiki bidiyo yake gani ya kunna, ba ya ma sanin an yi musanya.

Mu koma ga mutanenmu biyar, a ce sun kafa LFS tun ranar farko. Sigogin bidiyo 25 da na murya 600 sun zama rasit 625, jimillarsu wajen kilobait 80. Tarihin Git ya tsaya a megabait 30 ɗinsa. Sabon ma'aikaci zai sauke wannan, sannan LFS ya kawo masa sigar yau kaɗai ta bidiyo da murya, megabait 480. Jimilla 510, kusan minti 14 a kan layin nan da ya ci minti 86. Kuma tun da fayil-fayil ake saukewa, idan layi ya yanke bayan an samu fayil 150, waɗannan sun zauna. `git lfs pull` zai kawo ragowar. Wanda aikinsa rubutu ne zalla yana iya cewa ma kada a kawo masa kayan:

```
GIT_LFS_SKIP_SMUDGE=1 git clone <adireshi>
```

Shi megabait 30 kawai zai sauke, ƙasa da minti ɗaya. Idan wata rana ya buƙaci muryoyin, ya nemo su da `git lfs pull --include="*.mp3"`.

Abin da LFS ba ya yi

Nan ne nake ganin ana yawan yaudarar kai. LFS bai rage nauyin ba, matsar da shi ya yi. Megabait 3,200 ɗin nan suna nan a kan saba, kuma LFS ba ya fitar da bambanci tsakanin sigogi ko kaɗan: kowace siga cikakkiya yake ajiyewa. Ke nan fayil ɗin da Git zai iya ragewa da kansa, kamar babban jadawalin CSV da ake ƙara masa layuka kowane mako, zai iya fin cin wuri idan aka kai shi LFS. Girma kaɗai bai isa hujja ba. Abin tambaya shi ne: an riga an matse fayil ɗin, kuma ana yawan sake shi? Tambarin PNG mai kilobait 40 da ba a taɓa shi sai shekara-shekara, a bar shi a Git ya fi sauƙi.

Masu saba kuma suna auna wurin da aka cinye da yawan abin da ake saukewa a wata, idan aka wuce kason kyauta sai a biya ko a tsaya. Abin da ke cinye kason ba mutane ba ne yawanci, na'urar da ke gina manhaja da kanta ce duk lokacin da aka tura gyara. A misalinmu, idan tana kwafo komai sabo sau goma a rana, megabait 480 sau goma sau kwana 30 ya zama gigabait 144 a wata. Maganinsa a saita ta ta riƙe abin da ta sauke jiya, ko a hana ta sauke abin da ba ta buƙata. A GitHub akwai ƙarin abu biyu da ya kamata mai buɗaɗɗiyar ma'ajiya ya sani: abin da masu reshen aikinka suka sauke a kanka ake lissafa shi, kuma cire fayil daga tarihi ba ya cire shi daga ajiyar LFS, yana nan ana ƙirga maka shi har sai an goge ma'ajiyar an sake ta.

A kan kwamfutar mutum ma akwai ninki. Kowane fayil yana wuri biyu, a foldar aiki da a `.git/lfs/objects`, kuma tsofaffin sigogin da aka taɓa saukewa suna taruwa a can. `git lfs prune` ne ke share waɗanda suka tsufa kuma aka riga aka tura su.

Sai kuma asarar da Git ya kauce mata tun asali, LFS ya dawo da ita: kwafinka ba cikakke ba ne. Mai son komawa sigar watan jiya sai yana da intanet, sai kuma sabar tana raye. Wanda ya yi `git clone --mirror` ya ajiye a faifai yana ganin ya yi ajiyar ko-ta-kwana, rasit kawai ya tara. Dole ya ƙara da `git lfs fetch --all` kafin ya ce yana da komai, haka idan za a ƙaura zuwa wata saba sai an bi da `git lfs push --all` tare da sunan sabuwar sabar. Idan aka rufe tsohon asusu ba a yi wannan ba, tarihi zai nuna sunan kowane bidiyo da girmansa, amma bidiyon ya tafi.

Alamomin matsala biyu ne aka fi gani. Ta farko, mutum ya buɗe bidiyo ya ƙi kunnuwa, ya duba girmansa ya ga bait 130 da 'yan kai. Rasit ne a hannunsa: ko bai sa LFS a kwamfutarsa ba, ko saukewar ba ta kammala ba. `git lfs ls-files` zai nuna masa, alamar `*` na nufin ainihin fayil yana nan, alamar `-` na nufin rasit ne kawai. Ta biyu, saƙon da ke cewa `should have been pointers, but weren't`. Ma'anarsa doka ta ce wannan nau'i na LFS ne, amma wani ya tura ainihin fayil cikin tarihi, galibi daga kwamfutar da ba a yi `git lfs install` a kanta ba.

Akwai kuma rigimar haɗa aiki. Idan mutum biyu suka gyara fayil ɗin rubutu ɗaya a wurare daban, Git zai haɗa gyaran biyu. Idan zane ne ko bidiyo, babu haɗawa; ɗaya za a ɗauka, aikin ɗayan ya zube. Tun siga ta 2.0 a 2017 LFS ya zo da kulle: mutum ya buga `git lfs lock` da sunan fayil kafin ya fara, saba ta rubuta cewa yana hannunsa, idan ya gama ya sake shi da `git lfs unlock`. Ga ƙungiyar da ke da masu zane fiye da ɗaya, wannan kaɗai ya isa dalilin kafa LFS.

Idan an riga an makara

Mafi yawan masu neman LFS sun zo ne bayan ma'ajiya ta riga ta kumbura, kuma a nan `git lfs track` ba zai fisshe su ba. Dokar tana aiki ne daga yau zuwa gaba. Megabait 3,200 da suka riga suka shiga tarihi suna nan, sabon ma'aikaci zai sauke su, sannan ya ƙara da na LFS a kai.

Hanyar cire su ɗaya ce, a sake rubuta tarihi:

```
git lfs migrate import --include="*.mp4,*.mp3" --everything
```

Wannan umarni yana bin kowace ajiya a kowane reshe, yana zare babban fayil yana sa rasit a gurbinsa. Amma mun ga cewa kowace ajiya na riƙe da lambar ta bayanta. Da zarar an taɓa ajiyar da bidiyo ya fara shiga, lambarta ta canza, ta gaba da ita ma ta canza, haka har zuwa ta yau. A wajen Git wannan sabon tarihi ne da bai san tsohon ba. Saboda haka sai an tura shi da ƙarfi, da `--force`, rassa da alamomin siga duka, kuma duk wata takarda ko rahoton matsala da ya ambaci tsohuwar lambar ajiya ya daina nuna wurin da ya dace.

Aikin yana son shiri irin na mutane fiye da na na'ura. A sa rana. Kowa ya tura abin da ke hannunsa, a dakatar da turawa. A ɗauki cikakken kwafi a ajiye gefe. Mutum ɗaya ya yi ƙaurar, ya buga `git lfs checkout` don fayilolin foldarsa su dawo daga rasit zuwa ainihinsu, ya gina manhajar ya tabbatar tana aiki, sannan ya tura. Bayan haka kowa ya ajiye tsohon kwafinsa ya kwafo sabo. Wannan mataki na ƙarshe shi ne wanda ake karyawa: mutum ɗaya ya ci gaba da aiki a tsohon kwafi, ya haɗa shi da sabon ya tura, duk gigabait ukun su dawo, yanzu ma da tarihi biyu a jere. Kada kuma wanda ya yi ƙaurar ya tsorata idan ya ga foldar `.git` tasa ba ta ragu nan take ba. Git yana riƙe tsofaffin abubuwa na wani lokaci kafin ya share. Ma'aunin gaskiya shi ne girman sabon kwafi.

Ƙungiyar da ba za ta iya sake tarihi ba tana da sassauci a cikin Git kansa. `git clone --depth 1` yana kawo ajiyar ƙarshe kaɗai, ya dace da na'urar gini. `git clone --filter=blob:none` yana kawo jerin tarihi duka amma ya bar abin da ke cikin fayiloli sai an buƙace shi. Duka biyun suna rage wa mai saukewa wahala, ba sa rage abin da ke kan saba.

Wani kayan kuma bai cancanci Git ko LFS ba. Fayil ɗin APK da ake fitarwa daga rubutun manhaja ana iya sake gina shi kowane lokaci, wurinsa shafin sakin siga ne, sunansa kuma ya shiga `.gitignore`. Ɗanyen bidiyon da aka ɗauko daga kyamara, wanda ba a gyara shi a wurin, faifan ajiya ya fi dacewa da shi. LFS na fayilolin da manhaja ke buƙata ne, waɗanda dole sigarsu ta tafi tare da sigar rubutu, ta yadda idan aka koma ajiyar watan Maris za a samu muryar watan Maris.

Mai karatu, idan kana shirin buɗe sabuwar ma'ajiya, ka zauna da mai zane da mai sauti kafin kowa ya tura komai, ka tambaye su irin fayilolin da za su riƙa fitarwa da girmansu da sau nawa suke sake su. Waɗanda aka matse kuma ake yawan sakewa, ka rubuta su a `.gitattributes`, wannan fayil ya shiga cikin ajiyarka ta farko, kuma ka tabbatar kowa ya buga `git lfs install` kafin ka ba shi izinin turawa.